Yadda ake rubuta gayyatar horon da za a yi ta intanet

Gayyatar horo ta intanet saƙo ne da mai shirya horon ke aika wa waɗanda yake so su halarta, yana sanar da su abin da za a koyar, ranar da lokacin da za a yi, adireshin da za su latsa su shiga, wato linki, da kuma abin da za su tanada kafin ranar. A wannan yanki galibi ta WhatsApp ake tura shi, wani lokaci ta imel, shi kuwa horon ana yin sa ne a manhajoji irin su Zoom da Google Meet. Saƙon gajere ne, amma nauyin da ke kansa ya fi na katin gayyatar taron da za a yi a ɗaki. Wanda aka gayyata bita a wata makaranta, ko da katin bai yi bayani sosai ba, zai je bakin ƙofa ya tambayi mai gadi, a nuna masa ɗakin. A intanet kuwa mutum yana zaune shi kaɗai da wayarsa, ba mai gadin da zai tambaya, mai shirya horon kuma ya riga ya fara jawabi, ba zai ɗaga waya ba. Duk abin da saƙon bai faɗa ba, babu inda za a same shi a wannan lokacin.

Saboda haka ma'aunin gayyata mai kyau guda ne: a ce saƙon ya bi ta hannun mutum uku kafin ya isa ga wani da bai san mai shirya horon ba, kuma wannan baƙon ya iya shiga a kan lokaci, da kayan aikinsa a hannu, ba tare da ya kira kowa ba. Domin a ga yadda hakan ke aiki, a ɗauka wata ƙungiyar malamai tana so ta koya wa malaman firamare yadda ake haɗa sakamakon jarrabawar ɗalibai a manhajar Google Sheets. Akasarin mahalarta suna Kano da Katsina da Zariya, amma akwai wasu a Maraɗi, wasu a Kumasi, da mutum biyu da ke karatu a Madina.

Layin farko na saƙon shi ne ke sa a karanta sauran ko a wuce. Bayan sallama, sai a ambaci wanda ke gayyatar da abin da za a koya, a kuma faɗi waɗanda aka yi horon dominsu. "Horo a kan fasahar zamani" bai gaya wa kowa komai ba. "Yadda malamin aji zai haɗa makin ɗalibai ya fitar da na ɗaya zuwa na ƙarshe a Google Sheets" kuwa ya isa malami ya san ko abin ya shafe shi. A nan ne kuma ake faɗin ko kyauta ne ko da kuɗi, da harshen da za a yi horon da shi, da ko za a ba da takardar shaida, domin waɗannan su ne tambayoyin da kan fara cika wayar mai shiryawa.

Rana da lokaci

A rubuta sunan ranar, da kwanan watan, da sunan watan a cikin kalmomi, da shekara: Asabar, 14 ga Nuwamba, 2026. Lambobi zalla suna da haɗari, domin 03/04 a Najeriya da Nijar da Birtaniya 3 ga Afrilu ne, alhali a tsarin Amurka, wanda wasu wayoyi da kwamfutoci ke zuwa da shi, 4 ga Maris ne. Haɗa sunan rana da kwanan wata yana da wata fa'ida: idan aka yi kuskure a ɗaya, ɗayan zai tona shi. Amma hakan na nufin dole mai rubutawa ya duba kalanda kafin ya tura, musamman idan tsohuwar gayyata ya kwafo ya gyara, domin a nan ne aka fi canza kwanan wata a manta da sunan ranar. Kalmomi irin su "gobe" da "jibi" da "Asabar mai zuwa" ba su da wuri a saƙon da za a yi ta turawa gaba, tunda goben wanda ya rubuta ranar Alhamis daban take da goben wanda saƙon ya iske ranar Juma'a. Idan ana son sanya kwanan watan Musulunci, a sanya shi a matsayin ƙari, domin ganin wata kan sa lissafin Najeriya ya bambanta da na Nijar ko na Saudiyya da kwana ɗaya.

Akwai wani tarko da ya keɓanta da masu jin Hausa. A lissafin da aka gada, dare ne ke gabatar rana, don haka "daren Juma'a" a wurin mutane da yawa shi ne daren da ke biyo bayan yinin Alhamis, wasu kuwa, musamman matasa, sun ɗauke shi a matsayin daren da ke biyo bayan yinin Juma'a. Horon da aka ce za a yi "daren Juma'a" zai raba mahalarta gida biyu. Maganinsa a rubuta "ranar Juma'a, 13 ga Nuwamba, da ƙarfe 8:30 na dare". Haka ma "bayan La'asar" ko "bayan Isha'i": suna da daɗin ji, kuma suna amfani idan duk mutanen a unguwa ɗaya suke, amma masallatai ba sa yin salla lokaci ɗaya, balle garuruwa. A ambaci sallar idan ana so, amma a haɗa da ƙarfe nawa, a kuma biyo da "na safe", "na rana", "na yamma" ko "na dare".

Sai batun agogon ƙasashe, wanda shi ne ya fi jawo mutum ya shigo ya tarar an tashi. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi duk agogonsu ɗaya ne, awa ɗaya gaba da agogon GMT. Ghana tana kan GMT, wato tana bayan Najeriya da awa ɗaya. Sudan tana gaban Najeriya da awa ɗaya tun daga watan Nuwamban 2017, lokacin da ta mayar da agogonta baya, Saudiyya kuma tana gaba da awa biyu. Ke nan ƙarfe 10 na safe a Kano da Maraɗi, ƙarfe 9 ne a Kumasi, 11 a Khartoum, 12 na rana a Madina. Birtaniya ce mai rikitarwa: daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogonta daidai yake da na Najeriya, sauran watannin kuma tana baya da awa ɗaya. Mai gayyata ya yi wannan lissafi da kansa ya rubuta wa kowa nasa, kada ya bar wa mahalarta, domin mutum kan san akwai bambancin awa ɗaya amma ya manta ko ƙarawa ake yi ko ragewa. Wanda ya tura gayyata ta Google Calendar ya huta da wani ɓangare na wannan aiki, tunda manhajar tana nuna wa kowa lokacin da agogon garinsa, sai dai ba kowa ke buɗe kalandar wayarsa ba, don haka rubutawar ba ta faɗuwa.

Zaɓen lokacin shi ma yana buƙatar sanin mutanen da ake gayyata. Safiyar Asabar ta dace da malaman boko, amma ba ta dace da malaman Islamiyya ba, waɗanda yawanci Alhamis da Juma'a ne hutunsu. Hantsin Asabar kuma lokacin ɗaurin aure ne a garuruwa da dama. A misalin da aka ɗauka, ƙarfe 10 na Kano ya faɗa daidai lokacin Azahar a Madina, don haka ya kamata a gaya wa waɗancan mutum biyu cewa za a naɗi horon, ko a matso da shi zuwa ƙarfe 9. A kuma rubuta lokacin tashi tare da na farawa. Mai sayen data da ƙididdiga, da uwar da za ta ɗora girki, duk suna bukatar su san ko awa ɗaya za a yi ko uku.

Linki

Linkin Google Meet gajere ne, haruffa goma a rukuni uku, kamar `meet.google.com/abc-defg-hij`. Na Zoom ya fi tsawo: yana farawa da adireshin kamfanin, sai `/j/`, sai lambar taron mai alƙaluma goma ko goma sha ɗaya, sai wani dogon jerin haruffa bayan `?pwd=`. Wannan jelar ita ce kalmar sirrin taron a ɓoye. Idan wajen kwafa aka yanke ta, ko da harafi ɗaya ne, linkin zai kai mutum bakin ƙofa ya tsaya yana tambayarsa kalmar sirrin da ba a ba shi ba. Shi ya sa ake rubuta `Meeting ID` da `Passcode` daban a ƙarƙashin linkin, domin wanda latsawa ta ƙi yi masa aiki ya buɗe manhajar ya shigar da su da hannu. A bar linkin a layinsa shi kaɗai, kada a manna masa aya ko wata kalma a ƙarshe.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tsara fosta mai kyau, da hoton mai koyarwa da tambarin ƙungiya, a rubuta linkin a cikin hoton, a tura shi haka. Rubutun da ke cikin hoto ba ya latsuwa kamar na saƙo, kuma ba mai haƙurin kwafe haruffa talatin ɗaya bayan ɗaya ba tare da kuskure ba. Lambar QR ma ba ta warware matsalar ga yawancin mutane, domin wayar da za su ɗauki hoton lambar da ita ita ce ke nuna fostar. Fosta ado ce, kuma tana jan hankali, amma linkin a rubuce zai biyo ta, ko dai a ƙarƙashin hoton ko a saƙo na gaba.

Idan akwai rajista, linki biyu ke nan, kuma a nan ake samun ruɗani. Na farko na fom ne, galibi Google Forms, inda mutum zai rubuta sunansa da lambarsa; na biyu shi ne na shiga horon. Mutane da yawa kan cika fom su ɗauka sun gama, ranar horo su sake latsa linkin fom ɗin, su yi ta mamakin me ya sa ba su ga kowa ba. Abin da ya fi shi ne gayyatar farko ta ɗauki linkin rajista kaɗai, ta kuma faɗi ranar da za a turo na shiga da hanyar da zai zo. Wannan tsari yana da wata riba: linkin shiga ba ya yawo a kowane zaure. A shekarar 2020, lokacin kullen korona, ɓata-gari sun riƙa faɗawa tarukan Zoom da aka baza linkinsu a fili suna watsa batsa da zage-zage, har kamfanin ya mayar da kalmar sirri da ɗakin jira, wato `Waiting Room`, abin da ke kunne tun daga farko a asusun kyauta. Ɗakin jiran yana aiki ne idan mai buɗe ƙofa ya gane masu shigowa. Zoom kan nuna sunan waya idan mutum bai sanya nasa ba, sai mai shiryawa ya ga "Tecno" huɗu da "Infinix" uku a jere, bai san ko wane ne ba. Jimla ɗaya a gayyatar, cewa kowa ya shigo da cikakken sunan da ya yi rajista da shi, tana kawar da wannan.

Kafin a tura linki kuma, mai shiryawa ya san iyakar asusunsa. Zoom na kyauta yana yanke taro bayan minti 40, Google Meet na kyauta kuma bayan minti 60 idan mahalarta sun kai uku, kuma dukansu mutum 100 suke ɗauka. Horon awa biyu a asusun kyauta zai katse a tsakiya. Ko dai a biya kuɗin wata ɗaya, ko a raba horon zama-zama a faɗa tun a gayyata cewa idan ya yanke ga abin da za a yi. Idan kuwa waɗanda suka yi rajista sun haura ɗari, na ɗari da ɗaya zai ga an ce ɗaki ya cika, ya ɗauka an hana shi ne da gangan. Gwaji na ƙarshe mai sauƙi ne: a tura wa wani linkin ya latsa daga wayarsa. Wayar mai shiryawa ba ta zama shaida, domin tana cikin asusunsa, komai zai buɗe mata.

Wani abin da ya kamata gayyatar ta ambata shi ne damfarar da ta yaɗu a Najeriya da sunan irin waɗannan taruka. Wani zai kira mutum, ya ambaci sunan zauren WhatsApp da yake ciki, ya ce za a yi taro ta Zoom da yamma, an turo masa lamba shida ta shiga, ya karanto masa ita don a yi masa rajista. Lambar nan ta tabbatar da asusun WhatsApp ce, kuma da zarar an faɗe ta, ɗan damfarar ya ƙwace asusun ya shiga roƙon kuɗi a wurin 'yan'uwa da abokan mai shi. Duk horon da aka sanar a babban zaure ya buɗe wa irin waɗannan mutane ƙofa. Don haka a rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba wanda zai kira ya nemi wata lamba. Saboda wannan fargaba ne ma gajerun linki irin na `bit.ly` ba su da farin jini: mutum ba ya ganin inda za su kai shi, kuma mai hankali zai yi shakkar latsawa.

Abin da za a tanada

Wannan sashe shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali shi ne ke raba horon da aka koyi abu da wanda aka ɓata rabin awa ana "kuna ji na?". Na farko shi ne manhajar kanta. Mai shiga Zoom ba ya bukatar buɗe asusu, amma a waya yana bukatar ya sauke manhajar, kuma wanda ya bari sai ƙarfe goma saura minti biyu zai iya tarar da wayarsa ba wuri, ko sabis ya yi rauni. A ce a sauke tun jajibiri, a kuma gwada a `zoom.us/test`, inda mutum zai ji ko lasifikarsa da makirufonsa suna aiki. Ga Google Meet kuwa, hanya mafi sauƙi a waya ita ce ta manhajar Meet ko Gmail da asusun Google, kuma mutane da dama wani ne ya buɗe musu asusun a shagon waya, ba su san kalmar sirrinsa ba. Gara su gano hakan ana saura kwana biyu.

Sababbin shiga Zoom kusan duk matsala ɗaya ke kama su: sun shiga, suna ganin bakin mai koyarwa yana motsi, amma ba sa jin komai. Dalili shi ne manhajar ba ta haɗa murya sai an latsa `Join Audio` an zaɓi `Wifi or Cellular Data`. Wanda bai san haka ba zai ɗora laifin a kan sabis, ya fita ya dawo sau uku, daga baya ya haƙura. A sanya wannan bayani a gayyatar, da sunayen maɓallan kamar yadda suke a fuskar waya, tare da roƙon kowa ya latsa `Mute` idan ba magana yake yi ba, ya kuma yi amfani da iyafis.

Data ma a faɗi ƙiyasinta. Murya kaɗai ba ta cin abin kirki, ba ta kai megabait 100 a awa ba, amma bidiyon mutane da yawa yana iya cin rabin gigabait zuwa gigabait guda a awa. Ga horon awa biyu, a ce wa mutane su tanadi gigabait biyu, a kuma sanar da su cewa ba dole ba ne su kunna kyamara. Wannan izini yana rage cin data, yana sa murya ta daina yankewa inda sabis ke da rauni, yana kuma sauƙaƙa wa matan da za su halarta daga cikin gida. Caji kuwa, tunda wutar lantarki ba ta da alƙawari, a tuna wa mutane su cika waya tun dare.

Sai kayan darasin kansa. A misalin malaman nan, kowa zai zo da jerin sunayen ɗalibai goma da makinsu na darussa uku, ya kuma sauke Google Sheets. A nan akwai wata matsala da mai shiryawa, wanda ke zaune gaban kwamfuta, ba ya hangowa: mai waya ɗaya ba zai iya kallon abin da ake nunawa yana kuma gwadawa a lokaci guda ba, domin da ya buɗe Sheets, hoton darasin ya ɓace ko ya ƙanƙance. Gayyatar ta ba da mafita, ko dai a ari waya ta biyu, ko malamai biyu na makaranta ɗaya su zauna tare, ɗaya yana kallo ɗaya yana gwadawa. Idan aka tattara duka, saƙon zai fito kamar haka:

"Assalamu alaikum. Ana gayyatar malaman firamare zuwa horo kyauta, cikin harshen Hausa, a kan haɗa sakamakon jarrabawa a Google Sheets. Rana: Asabar, 14 ga Nuwamba, 2026. Lokaci: 10:00 na safe zuwa 12:00 na rana agogon Najeriya da Nijar, wato 9:00 na safe a Ghana, 12:00 na rana a Saudiyya. Za a yi shi ta Zoom, kuma za a buɗe ɗaki tun 9:45. Ga linkin rajista a ƙasa; na shiga zai zo ta WhatsApp ranar Juma'a. A sauke Zoom da Google Sheets tun kafin ranar, a tanadi data gigabait biyu da iyafis, da sunayen ɗalibai goma da makinsu na darussa uku. A shigo da cikakken suna. Ba wanda zai kira ku ya nemi wata lamba. Mai tambaya ya tuntuɓi lambar da ke ƙasa. Allah Ya ba da ikon halarta."

Lambar tuntuɓar ta zama ta wani mataimaki, ba ta mai koyarwa ba, domin kiran da ya shigo wayar da ake gabatar da darasi da ita yana iya katse muryar.

Turawa da tunatarwa

Mako ɗaya zuwa biyu ya isa tazara tsakanin gayyata da horo. Wanda ya zaɓi turawa ta `Broadcast` na WhatsApp ya sani cewa saƙon yana isa ne kawai ga waɗanda suka adana lambarsa a wayarsu. Sauran ba za su ga komai ba, shi kuma zai zauna yana ganin ya gayyace su. Tunatarwa biyu ake yi, ɗaya ana gobe, ɗaya ana saura awa guda, kuma kowacce ta ɗauko linkin da lokacin a jikinta. "A duba saƙon da aka turo a baya" ba ta da amfani a zauren da ake zuba saƙo ɗari a yini.

Idan dole ta sa aka ɗaga horon ko aka canza linki, a goge tsohon saƙon inda zai yiwu, a turo sabo cikakke da kalmar "Gyara" a samansa, a faɗi abin da ya canza a layin farko. Tsohon saƙon ya riga ya bazu zuwa zaurukan da mai shiryawa bai sani ba, don haka a roƙi duk wanda ya tura na farko ya tura gyaran zuwa wurin da ya kai shi, a kuma ajiye mutum ɗaya a tsohon linkin a ranar da aka sanar da farko, domin ya juya waɗanda gyaran bai riske su ba.